Saɓanin Ƙiyasi da Aiki: Dalilan Jinkiri da Yadda Ake Ware Rarar Lokaci

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta a yammacin nan, ko da yake kowa a zauren nan ya taɓa ɗanɗana ɗacinta a hannun magini ko tela ko maɗaba'a, ba kasafai ake zama a yi mata nazari na ilimi ba, domin mun saba da ɗora laifin jinkiri a kan lalaci ko rashin cika alkawari, alhali kuwa mutum mai gaskiya da himma, wanda bai yi niyyar yaudarar kowa ba, shi ma yakan ce kwana goma, aikin ya ci ashirin. Abin da nake so in tabbatar shi ne cewa wannan kuskure yana da ƙa'ida, kusan kullum gefe ɗaya yake karkata, kuma duk kuskuren da ke da ƙa'ida ana iya auna shi a yi masa tanadi.

A shekarar 1979 masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka bayyana cewa mutum idan zai ƙiyasta tsawon aikinsa, yakan zauna ya sawwara matakan aikin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata su gudana, ya manta da tambayar da ta fi kowace amfani, wato: ayyuka irin wannan da aka yi a baya, kwana nawa suka ci? Daga baya, a 1994, Roger Buehler da abokan bincikensa suka jarraba maganar a kan ɗaliban jami'a a Kanada masu rubuta kundin kammala digiri. Da aka tambaye su yaushe za su gama, matsakaicin amsarsu ya kama kusan kwana 34. Da aka ce su ƙaddara cewa komai ya dagule iyakar dagulewa, suka ce kusan 49. Amma da aka bi sawunsu, sai aka tarar aikin ya ci fiye da kwana 55, kuma kimanin kashi 30 cikin ɗari ne kaɗai suka gama a lokacin da suka ambata. Ina roƙonku ku lura da lamba ta tsakiya, domin a nan darasin yake: abin da ya auku a zahiri ya zarce mafi munin abin da tunaninsu ya iya hararowa. Kada kuma a ce wannan halin yara ne, domin shahararren gidan wasannin nan na birnin Sidni a Ostareliya, wanda aka fara a 1959 da zaton za a gama a 1963, bai buɗe ba sai 1973, kuɗinsa kuma ya tashi daga dala miliyan 7 na ƙasar zuwa miliyan 102.

To, me ya sa kuskuren ba ya raba kansa biyu, wani lokaci a makara, wani lokaci a riga? Dalili na farko shi ne, saurin aiki yana da iyaka, jinkirinsa kuwa ba shi da ita. Aikin da aka saba yi a kwana biyar, in komai ya yi daidai, da ƙyar a gama shi a huɗu, amma in kafinta ya kwanta rashin lafiya ko katako ya yanke a kasuwa, yana iya kai goma sha biyar. Na biyu kuma, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne cewa a aikin da ke bin hannu-hannu, jinkiri yakan wuce ga na gaba, amma ribar sauri takan mutu a wurin da aka same ta: in magini ya gama katanga kwana biyu kafin lokaci, kafinta yana can a wani aikin, ba zai zo ba sai ranar da aka yi da shi, in kuwa maginin ya makara kwana biyu, kafinta dole ya jira, wataƙila ma ya kama wani aikin na mako guda. Sa'an nan akwai matakin da ba ya farawa sai abubuwa da yawa sun haɗu. Rufi yana bukatar kwano da katako da kafinta duk a rana ɗaya. In kowannensu yana da rabin yiwuwar isowa a kan lokaci, kuma babu wanda ya rataya da wani, to yiwuwar su haɗu duka ukun ɗaya ce cikin takwas, ko da yake kowane ɗayansu, in ka dube shi shi kaɗai, ba abin damuwa ba ne.

Da jin haka, abin da hankali zai fara kawowa shi ne a ƙara wa kowane mataki 'yan kwanaki. Wannan kuwa, a ganina, shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko tsada, saboda lokacin da aka bai wa mutum a hannunsa yakan cinye shi. Tun 1955 marubucin nan ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya lura cewa aiki yakan miƙe har ya cika wa'adin da aka ba shi. Wanda aka ce yana da kwana goma a kan aikin kwana shida, ba ya tashi haiƙan sai ya ga saura shida, ta yadda in matsala ta zo, rarar da aka tanada dominta ta riga ta tafi a banza. Saboda haka Eliyahu Goldratt, a littafin da ya wallafa a 1997, ya kawo shawarar a zare rarar daga kowane mataki, a tara ta wuri ɗaya a ƙarshen aiki, a hannun mai kula da aikin baki ɗaya. Hikimar abin irin ta adashi ce, inda kuɗin da ba zai ishi kowa ba in yana warwatse a aljihu goma, yakan biya babbar bukata in an tara shi, domin ba dukan matakai ne za su gamu da musiba a lokaci ɗaya ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ƙaddara cewa kwamitin wata makarantar Islamiyya yana son gina aji biyu kafin damina ta kankama. Sai a zauna da magini, a nemi ya ba da lamba biyu a kan kowane mataki: kwanakin da aikin ya saba ci in abubuwa sun tafi kamar kullum, da kwanakin da yakan ci in ya ba da wahala. A ce ya ba da haka: haƙa harsashi da zuba kankare, 6 ko 10, ɗora bulo har zuwa linta, 12 ko 20, rufi, 5 ko 13, filasta da daɓe, 8 ko 12, ƙofofi da tagogi da fenti, 5 ko 9. Jimlar lambobin farko 36 ce, ta biyu kuwa 64, tazarar da ke tsakaninsu 28. Wanda ya yi alkawarin 36 ya ɗauka babu abin da zai tangarɗa, wanda ya ce 64 kuma ya ɗauka komai zai tangarɗa, kuma duka biyun ba haka duniya take ba. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauki rabin tazarar, wato 14, a ajiye ta a ƙarshe: ma'aikata su yi aiki a kan jadawalin kwana 36, iyayen yara kuwa a faɗa musu 50. Masu son lissafi mai zurfi sukan ninka kowace tazara da kanta, su tara, su ɗauki tushen jimlar. A misalinmu jimlar 176 ce, tushenta kuwa ya ɗan haura 13, wanda bai yi nisa da 14 ba.

Amma ban yarda a tsaya nan ba, domin duka lambobin daga bakin mutum ɗaya suka fito, kuma mun ga cewa ko mafi munin zaton mutum yakan gaza. Wajibi ne a nemi shaida daga waje. A tambayi waɗanda maginin ya yi wa aiki a baya, ba a kan halinsa ba, a kan abu biyu kawai: kwana nawa ya ce, kwana nawa aikin ya ci. In aka tarar inda ya ce 30 ya yi 45, inda ya ce 20 ya yi 30, to ma'auninsa ɗaya da rabi ne, kuma 36 ɗinsa 54 ce. Idan hanyoyin biyu suka saɓa, ni nakan rinjayar da tarihi a kan zato, in ɗauki 54. Bayan haka a mayar da kwanakin aiki zuwa kwanakin kalanda, wanda nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: a kwana shida na aiki kowane mako, 54 mako tara ne cur, kafin a ƙara hutun Salla, ko a yi la'akari da cewa leburan da ke azumi a zafin bazara ba zai yi aikin yini cikakke ba. A kuma tuna akwai jiran da yawan ma'aikata ba ya gajarta shi, kamar kwanakin da kankare ke bukata ana ba shi ruwa kafin a ɗora masa nauyi.

Amfanin rarar da aka tara bai tsaya ga kare alkawari ba, ita ce kuma ma'aunin lafiyar aikin. Kowane ƙarshen mako mai kula ya tambayi abu biyu: kashi nawa na aiki aka yi, kashi nawa na rara aka ci. In an kai linta, wato rabin jadawalin 36, an ci kwana biyar cikin 18 da aka ware tsakanin 36 da 54, to babu abin tayar da hankali, kuma bai kamata a tsananta wa magini ba. In kuwa an ci 13 alhali rufi, wanda shi ne mataki mafi rashin tabbas, yana gaba, to yau ne ranar sayo kwano da kama kafinta na biyu, ko sanar da iyaye cewa ranar buɗewa za ta matsa, tun ana da sauran mako huɗu, maimakon a bari sai jajibiri.

Saura in ambaci iyakar wannan hanya, domin kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Lissafin rabin tazara ya ginu ne a kan sharaɗin cewa matsalolin matakai ba su da uwa ɗaya. Idan kuwa sababi guda ne zai taɓa su duka, kamar gudummawar jama'a ta tsaya, ko ruwan sama ya sauka kafin a rufa, ko kwamiti ya ce a tsakiyar aiki a ƙara ofishin shugaban makaranta, to kwana 14 ko 18 ba za su tare komai ba. Yankewar kuɗi maganinta a tara kuɗin rufi a ajiye kafin a sa diga a ƙasa. Damina maganinta a ƙirgo mako tara baya daga lokacin da aka saba ganin ruwan farko, a fara a ranar ko kafinta. Ƙarin ofis kuwa sabon aiki ne, sai a sake zama a yi masa nasa ƙiyasin da tasa rarar, a kuma faɗa wa wanda ya nema, a gaban kwamiti, kwana nawa bukatarsa ta ƙara.