Kwana huɗu da suka ja mana asarar naira 387,000: yadda ake fitar da sharuɗɗan hayar ofis a jadawali ɗaya

 Yau labarin kuskurena zan ba ku, don in wata rana oga ya miƙo muku takardun haya ya ce a haɗa masa su a shafi ɗaya, kada ku faɗa ramin da na faɗa.

A 2021 ina aikin akawu a wani ƙaramin kamfani mai hedikwata a Gusau. Muna da ofis uku na haya: Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Duk yarjejeniyar shekara uku ce, daga 1 ga Janairu 2021. To kun dai tuna abin da ya faru a farkon Satumbar shekarar: an rufe kasuwannin mako, an kuma katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Aikinmu kuwa da intanet yake tafiya. Sai oga ya kira ni ya ce, "Malam, duba min takardun nan. Wane ofis za mu iya rufewa, kuma nawa zai ci mu?"

Na buɗe Excel, na ba kowane ofis layinsa, na yi gida biyar: kuɗin haya, tsawon wa'adi, kuɗin ajiya, ƙarin haya, da damar fita kafin wa'adi ya cika.

Mu fara da kuɗin haya. Takardar Kaura ta ce naira 600,000 a shekara. Ta Shinkafi 500,000 a shekara. Ta Zurmi kuwa 45,000 ta ce, amma a wata. In ka kwafe su haka nan, ka haɗa mudu da buhu. Sai ka mayar da su ma'auni ɗaya: 45,000 sau 12, Zurmi ta zama 540,000. Sannan ka ƙara gida ɗaya na yadda ake biya, domin a Shinkafi kuɗin shekara biyu muka zube tun ranar farko, naira miliyan ɗaya, kuma takarda ta ce ba a mayarwa. Wato wadda ta fi araha a ido ita ta fi riƙe mana kuɗi.

A wa'adi kuma kada ka rubuta "shekara uku" kawai. Rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka kuma tabbatar da wane wata ake lissafi, don akwai masu gidan da watan Musulunci suke ƙirgawa, shekarar Musulunci kuwa ta gaza ta boko da kusan kwana 11. A shekara uku an haura wata guda ke nan.

Kuɗin ajiya abu biyu ake nema a kansa: nawa ne, kuma da wane sharaɗi zai dawo. Kaura 100,000, ana mayarwa bayan an cire kuɗin gyaran abin da muka ɓata. Zurmi 90,000, haka nan. Shinkafi babu.

Yanzu ƙarin haya, ku saurara da kyau. Kaura da Zurmi duk sun ce kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Ta Kaura ta ce a kan hayar shekarar da ta gabata. Don haka 600,000, sai 660,000, sai 726,000. Jimla 1,986,000. Ta Zurmi ta ce a kan hayar farko, wato 54,000 ake ɗorawa duk shekara: 540,000, sai 594,000, sai 648,000. Jimla 1,782,000. Ta Shinkafi cewa ta yi za a sake duba haya a shekara ta uku bisa abin da ɓangarorin biyu suka amince. A nan kada ka kuskura ka sa sifili. Rubuta "ba a ƙayyade ba", ka shafa wa gidan jan launi, domin sifili zai sa oga ya ɗauka babu ƙari.

Har nan aikina daidai yake. A gida na biyar na yi ɓarna.

Shinkafi ba ta da damar fita sam, wannan a fili yake. Kaura ta ce bayan wata 12 muna iya fita duk lokacin da muka so, in mun ba da notis na wata uku a rubuce. Da na zo kan ta Zurmi, idona ya faɗa kan "wata uku", sai na rubuta: "Akwai, notis wata 3", daidai da na Kaura. Na miƙa wa oga. Ya ce to, tunda ƙofa a buɗe take, mu jira mu ga ko layi zai dawo.

Ranar 4 ga Oktoba ya yanke shawara a rufe Zurmi. Na ɗauko takardar zan rubuta wasiƙa, sai a ranar na karanta sakin layin har ƙarshe. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Damar fitar ta rana ɗaya ce tak, 31 ga Disamba 2021, kuma wasiƙa sai ta shiga hannun mai gida aƙalla wata uku kafin ranar. Wato 30 ga Satumba. Mun makara da kwana huɗu. A takarda, hayar shekara biyu ta hau kanmu: 594,000 da 648,000, jimla 1,242,000.

Muka kama hanya, ta Kaura zuwa Zurmi, ni da oga. Muka durƙusa muka gaida mai gidan, dattijo ne. Oga ya ce, "Baba Alhaji, laifinmu ne, alfarma muka zo nema." Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma da kuɗin ya yi lissafin hidimar gidansa, kuma a halin da ake ciki wa zai kama masa wurin? A ƙarshe ya yarda mu bar masa ajiyarmu ta 90,000, mu biya hayar wata shida ta shekara ta biyu, 297,000. Ku haɗa, 387,000. Ya yi mana adalci, amma da wasiƙa ta isa a Satumba, ko sisi ba za mu biya ba, ajiyarmu ma ta dawo.

Tun daga ranar na raba gidan nan gida huɗu. Na farko: fitar ta kowane lokaci ce ko ta rana ɗaya? Na biyu: ranar ƙarshe ta miƙa notis, da kwanan wata, ba "wata uku" ba. In ranar fita tana gidan F2, wannan zai lissafa maka:

```
=EDATE(F2,-3)
```

Ni har mako biyu nake ragewa a kai, saboda hanya da rashin layi. Na uku: yadda ake miƙa notis ɗin, hannu da hannu ne, ko ta hannun lauya, kuma wa zai sa hannu ya karɓa. Saƙon waya ba ya wadatarwa in takarda ta ce wasiƙa. Na huɗu: in mun fita a ƙarshen shekarar farko, nawa za mu rasa? Da na cike shi a lokacin, da oga ya ga Kaura babu asara in an ba da notis, Zurmi babu asara in wasiƙa ta isa kafin Satumba ta ƙare, Shinkafi kuwa 500,000 ta tafi, ga hayar shekara ta uku tana jira.

Abu na ƙarshe: a gefen kowane adadi ka sa lambar shafi da ta sakin layin da ka ciro shi. Sannan ka ba wani jadawalin, kai ka riƙe takardar, ka karanta masa sakin layin da ƙarfi har ƙarshensa yana dubawa. Da na yi haka, minti goma ya ishe mu kama kuskuren Zurmi.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.