Albashin Takarda da Albashin Aljihu: Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofis

Sau da yawa samari sukan kawo takardun aiki ofishin Hakimi don a karanta musu, a ba su shawara. Abin da ya kamata a duba musu shi ne abin da zai rage a aljihu ran ƙarshen wata, gama adadin da ke kan takarda yakan ruɗi mai ita.

Ga misali. A ce wani saurayi na Alelu, cikin ƙasar Jega, ya sami aiki biyu. Wani kamfani a Birnin Kebbi zai ba shi naira 120,000 a wata, aikin kwana 22. Wani mai shagon hatsi a Jega kuwa zai ba shi 80,000, aikin kwana 26, da abincin rana. Kuɗin mota da na abinci da za a ambata na misali ne, sai kowane malami ya sa na garinsu.

A fara da abin da a ke yankewa tun kuɗin bai zo hannu ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aikin kuma ya ƙara kashi 10 daga nasa. In duk albashin nan ne a ke lissafa fansho a kansa, naira 9,600 ta fita, saura 110,400. Sa'an nan haraji. Bisa sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairu 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba haraji a kanta, abin da ya biyo baya, har ya kai miliyan uku, a kan ɗauki kashi 15. Na wannan yaro ya kama 6,560 a wata. Abin da zai karɓa ke nan 103,840.

To, yanzu sai hanya, nan fa kuɗin ke zurarewa, tun ba daga watan Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur ba. Daga Alelu sai ya fito Jega, daga Jega ya shiga motar Birnin Kebbi, da yamma ya komo. In zuwa da komowa sun ci 2,500, kwana 22 sun ci 55,000. Abincin rana a kasuwa, dubu ɗaya kullum, 22,000 ke nan. Abin da ya rage masa 26,840 ne kacal.

Na Jega fa? Ƙaramin shago ne, ba a yanka fansho. Haraji ya kama 2,000. Babur zuwa da komowa 800, kwana 26 watau 20,800. Abinci na maigida ne. Saura 57,200. Ashe ƙaramin albashin ya ninka babban a aljihu, ko da ya ke da ƙarin aikin kwana huɗu.

Amma kada malami ya yi gaggawar yanke magana a nan. Kuɗin fansho ba ɓata ya yi ba, ajiya ce da sunan yaron. Nasa 9,600 da na kamfani 12,000 sun zama 21,600 kowane wata, sai dai ba zai taɓa su ba sai ya manyanta ko ya rasa aiki. Lalle a tambaya ko kamfanin yana zuba kuɗin nan da gaske, gama akwai masu yankewa su riƙe. Shaidar kuwa ita ce saƙon da kamfanin fansho ke aiko wa ma'aikaci. Haka kuma in yaron ya kama ɗaki a Birnin Kebbi kan 10,000 a wata, yana zuwa gida sau ɗaya a mako, kuɗin hanya ya koma 10,000, abin da ya rage ya tashi zuwa 61,840. Sai dai a cikinsa zai ci da safe da dare, gonar gida kuma ta rasa hannu da damina. Wanda uban nasa ke noman albasa da rani, kamar mutanen Aliero, sai ya sa kuɗin ƙodago cikin lissafi.

Saura maganar kuɗin ƙarin lokaci. Masu ɗaukar aiki sukan ce, "Ai da ƙarin lokaci za ka haɗa kaza." Dokar ƙwadago ba ta yanka farashin sa'ar ƙari ba, ta bar shi ga yarjejeniya. Saboda haka abin da ba a rubuta ba, kada a sa shi cikin lissafi. Ko an rubuta, a tambayi watannin da a ke samunsa, don shagon hatsi da kaka ya ke cika, da bazara sai zaman jira. Dokar ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. In mai shagon Jega bai saba da rubutu ba, malamin Hakimi yana iya rubuta musu, da albashi, da abinci, da sa'ar tashi, su sa hannu gaban shaidu biyu.