HANTA DA TUMBI DA ƘODA: AMFANINSU DA YADDA AKE WANKE SU

Jama'a, duk wanda ya je cefane Kasuwar Creek Road a Fatakwal, ko wajen mahauta a Anacha da Inugu, zai tarar kayan ciki suna saurin ɓaci fiye da tsokar nama, saboda zafi da laimar ƙasar Kudu. Don haka wajibi ne a san su, a kuma san gyaransu.

Hanta ita ce rumbun jikin dabba. Tana tace jini, tana kuma ajiye abubuwan gina jiki. A cikin giram 100 na hantar saniya akwai furotin kimanin giram 20, da sinadarin ƙarfe wanda ke ƙara jini, da bitamin B12, da bitamin A mai kare mutum daga dundumi. Amma bitamin A ɗin nan yana da yawa ƙwarai, har yakan cutar da ɗan tayi, saboda haka mai juna biyu ta ƙaurace wa yawan cin hanta.

Wajen gyaranta, a fara cire madaciya a hankali. In ta fashe, a yanke duk inda ya rine kore, domin wanki ba ya fid da ɗacin. Sa'an nan a ɓare fatar nan mai sheƙi, a ɗauraye. In aka yanka aka ga hanyoyin cikinta sun yi fari da kauri, wuƙa tana ƙaras-ƙaras, ko aka ga tsutsa mai faɗi kamar ganye, to, wannan hanta ba ta ci ba ce.

Tumbi shi ne cikin dabba, inda ciyawa ke narkewa. Furotin ɗinsa kimanin giram 12 ne a giram 100, kitsensa kuwa kaɗan ne. A zazzage tarosonsa, a ɗauraye, a tsoma shi cikin ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, domin tafasasshen ruwa yakan sa baƙar fatar ta manne. A kankare da wuƙa har ya yi fari, a cuɗa da gishiri da lemun tsami, a dafa awa 2 zuwa 3.

Ƙoda kuwa ita ke tace fitsari daga jini. Tana da furotin kimanin giram 17, da sinadarin ƙarfe da bitamin B12. A ɓare fatarta, a tsaga ta biyu a tsaye, a yanke farin kitse da jijiyoyin tsakiya, domin nan zarnin yake. A jiƙa ta cikin ruwan gishiri rabin awa, a zubar da ruwan.

Daga ƙarshe, kada a wanke kayan ciki da ruwan rafin da ke gefen kasuwa. A nemi ruwa mai tsabta, a ware tumbi daga sauran har sai an wanke shi, a dafa duka a ranar da aka saya, su dahu sosai.