HAWAN JINI MAI ZUWA DA JUNA BIYU

Jawabin Fadakarwa ga Jama'ar Beji da Sauran Jama'ar Kasa

Idan mace mai juna biyu ta zo awo asibitin Beji, ma'aikaciyar lafiya takan daura mata abin awon jini a damtse, ta kuma nemi fitsarinta. Wasu na ganin wannan bata lokaci ne, tun da matar ba ta ce komi na damunta ba. To, a nan hadarin yake. Ciwon da likitoci ke kira firi'eklamsiya yakan shigo shiru bayan ciki ya wuce mako 20, galibi a watannin karshe.

Tushensa mabiyiya ce. Idan ba ta kafu sosai a jikin mahaifa ba, sai ta rika sakin wasu sinadarai da ke bata jijiyoyin jinin uwa. Jijiyoyin sai su tsuke, jini ya hau. Ita kuwa koda kamar rariya take, tana tace datti tana rike furotin a cikin jini. Da ta tabu sai furotin ya rika zurarewa cikin fitsari. Saboda haka alamun biyu idan sun hadu, suna nuna barna ta riga ta kai ga kayan ciki.

A dauki misalin yarinya mai cikin fari, wata takwas. An auna an sami 150 bisa 100, alhali iyaka 140 bisa 90 ce. Aka sake awo bayan awa 4, bai sauka ba. Aka tsoma tsinken gwaji a fitsari, ya nuna furotin. Wannan ba mai komawa gida da magani ba ce kawai. Babban Asibitin Minna za a tura ta. Da awon ya kai 160 bisa 110, ko ta kawo kukan ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a karkashin hakarkarin dama, ko kumburin fuska farat daya, to ba a kwana. Abin da ke biyo baya shi ne jijjiga, wadda sau da yawa akan dora wa iskoki, a bata lokaci wajen hayaki. Kumburin kafa shi kadai ba shaida ba ne, masu ciki da yawa suna yinsa lafiya lau.

A asibiti akan ba da maganin saukar da jini, da allurar magnisiyam salfet mai hana jijjiga. Amma wadannan tsare ciwon suke yi. Ba ya fara warkewa sai an haihu, mabiyiya ta fita, shi ya sa likita kan ce a haifar da ita kafin lokaci. Maigida ya yarda, ya tanadi mota tun da wuri. Bayan haihuwa ma a ci gaba da awo, domin jijjiga tana iya zuwa cikin kwanakin jego.