AIKI ƊAYA, BIYA ƊAYA

Wannan jawabi ne da wata malamar ajin yaƙi da jahilci ta yi wa ɗalibai maza da mata masu aikin ƙwadago a gonakin rani. An buga shi a nan domin waɗanda ba su sami halarta ba.



Maganar yau a kan kuɗin ƙwadago take. Sau da yawa mace da namiji suna yin aiki iri ɗaya a gona ɗaya, amma idan aka zo biya sai na mace ya gaza na namiji. Wani lokaci ita kanta ba ta sani ba. Dalili kuwa shi ne, ita ana biyan ta da kwando, shi kuma ana biyan sa da yini. Tunda ma'aunin ba ɗaya ba ne, bambancin sai ya ɓuya. Ga labarin wata baiwar Allah da ta gano nata, ta kuma yi magana ba tare da faɗa ba.

YADDA ABIN YA FARA

Matar nan bazawara ce mai 'ya'ya huɗu. Tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Kura ta Jihar Kano, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Duk lokacin tumatir takan je tsinka a gonar wani Alhaji. Mata ana biyan su naira 250 a kan kowane kwando. Samari kuwa ana ba su naira 3,500 a yini.

Da farko ba ta ga wani abu a ciki ba. Ta ɗauka samari sun fi mata cika kwanduna, shi ya sa kuɗinsu ya fi. Wata rana aka sa ta a kunya ɗaya da wani saurayi. Suka fara tare da safe, suka tashi tare bayan la'asar. Da ta duba sai ta ga kwandunansa ba su fi nata ba. Amma da aka zo biya, ya karɓi kuɗin da ya fi nata nesa.

Ranar ranta ya ɓaci. Amma ba ta ce komai ba, domin abin da aka gani rana ɗaya bai isa hujja ba.

LISSAFI A LITTAFI

Ta ɗauko littafin da take zuwa aji da shi. Ta ja layi uku a shafi guda. A layi na farko ta rubuta rana. A na biyu ta rubuta yawan kwanduna. A na uku ta rubuta kuɗin da ta karɓa. Kullum da yamma sai ta cike.

Bayan kwana shida ta tara lissafi. Ta cika kwando 60, wato goma a kowace rana. Ta karɓi naira 15,000, wato naira 2,500 a yini.

Sai ta koma kan saurayin nan. Ɗan maƙwabtansu ne, saboda haka ta tambaye shi kai tsaye, bai kuwa ɓoye mata ba. Kwana uku tana ƙirga kwandunansa. Ran farko goma, ran na biyu tara, ran na uku sha ɗaya. Duka 30 ke nan, shi ma goma a yini.

To, ga inda dabarar take. Dole a mayar da biyan biyu kan ma'auni ɗaya. Idan aka raba naira 3,500 gida goma, kowane kwando nasa ya tashi a naira 350. Nata kuwa naira 250. Bambancin naira 100 ne a kwando. A yini ya zama naira 1,000. A kwana shida ya zama naira 6,000. Farashi yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga shekara zuwa shekara, amma hanyar lissafin ba ta sauyawa.

SHIN AIKIN ƊAYA NE DA GASKE?

Ba kowane bambancin kuɗi ne rashin adalci ba. Kafin mutum ya buɗe baki, ya kamata ya tabbatar aikin iri ɗaya ne. Matar nan ta yi wa kanta tambayoyi.

Ta duba lokaci. Tare suke farawa, tare suke tashi. Ta duba kwando. Girmansa ɗaya ne, kuma mai lura ɗaya ne yake duba cikarsa. Ta duba ko ana ba mata wani abu da ba a ba maza, kamar abinci ko ragowar tumatir na miya. Ta ga kowa ana ba shi.

Sai ta zo kan wani abu da ya kusa rushe lissafinta. Wasu daga cikin mazan, bayan tsinka, su ne suke dakon kwanduna zuwa bakin titi, su kuma yi lodi a mota. Wannan ƙarin aiki ne mai nauyi. Wanda ya yi shi ya cancanci ƙarin kuɗi, babu gardama. Da ta kwatanta kanta da waɗannan, da Alhaji ya kayar da ita da magana ɗaya.

Amma da ta lura sosai, sai ta ga maza uku ne kawai suke dako. Sauran samari biyar tsinka kaɗai suke yi, kamar mata. Su ma naira 3,500 ake ba su. To, da waɗannan biyar ɗin ne ya dace ta kwatanta kanta. Wannan shi ne abin da ake nufi da aiki ɗaya.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 17, ya ɗora wa hukuma alhakin ganin ana biyan kuɗi ɗaya a kan aiki ɗaya, ba tare da nuna bambanci tsakanin mace da namiji ba. Haka kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan wannan a 1951, Nijeriya ta amince da ita a 1974.

Amma a san iyakar abin. Sashe na 17 yana cikin babin manufofin gwamnati, ba a kai ƙara kotu da shi shi kaɗai. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a wata a 2024, ba ta shafi masu aikin jinga da masu aikin gona na lokaci-lokaci ba. Ba ta kuma shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Saboda haka ga mai tsinkar tumatir, babban makami shi ne lissafi mai kyau da magana mai daɗi. Sanin dokar yana ba mutum ƙarfin zuciya ne, ya san ba roƙo ya je yi ba.

YADDA TA YI MAGANA

Ba ta tari Alhaji a wurin biya ba. A nan mutane sun taru, kowa ya gaji, kuma babban mutum ba ya son a ƙure shi a gaban yaransa. Ba ta kuma tafi ita kaɗai ba. Ta nuna wa mata biyu littafin, ɗaya cikinsu dattijuwa ce da ta daɗe tana aiki a gonar. Suka aika a tambayi Alhaji lokacin da zai iya ganin su. Ya ce su zo ƙofar gida ranar Alhamis da hantsi.

Bayan gaisuwa, dattijuwar ta gabatar da ita. Sai ta ce, "Baba Alhaji, mun gode Allah, mun gode maka. Shekara uku muna cin abinci a gonarka, ba ka taɓa riƙe mana kuɗi ba. Wani lissafi ne muka yi, muka ce bari mu kawo ka duba mana, ko mun yi kuskure."

Ta miƙa littafin. Ta nuna masa nata kwandunan da kuɗinta. Ta nuna na masu tsinka maza, ba tare da ta ambaci sunan saurayin da ya gaya mata ba, don kada ta jawo masa matsala.

Alhaji ya ce, "Ai maza dako suke yi."

Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Masu dako uku ne, kuma haƙƙinsu ne su fi mu. Maganarmu a kan biyar ɗin da suke tsinka kawai take."

Ya yi shiru. Can ya ce, "To ai namiji shi ke ciyar da gida."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Haka ne, Baba. Ni ma marayu huɗu nake ciyarwa. Kuma idan kwando ya isa kasuwa, dillali ba ya tambayar wanda ya tsinke shi. Kuɗinsa ɗaya ne."

Daga nan ta faɗi abin da suke nema a fili. Ta ce, "Ba mu zo don a rage wa kowa ba. Roƙonmu shi ne a mayar da kwandon mata naira 350, daidai da na masu tsinka maza."

A lura da wannan. Ba ta ce "a duba mu" ta yi shiru ba. Ta faɗi adadi. Ta kuma toshe ƙofar rage wa maza, domin da an rage musu, da gaba ta shiga tsakanin ma'aikata.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Alhaji bai amsa nan take ba. Ya ce su ba shi mako guda. Suka yi godiya suka tafi, suka ci gaba da aiki kamar kullum. Da mako ya cika, dattijuwar ta tuna masa. Ya ce tumatir ya faɗi a kasuwa, ba zai iya kai 350 yanzu ba. Ya mayar da kwando naira 300, ya yi alkawarin cikawa a tsinka ta gaba.

Ba su sami duka ba, amma naira 500 ta ƙaru a yini ga mai cika kwando goma. Matar ta rubuta ranar da alkawarin a littafinta, a gaban mai lura da gonar, domin kada a manta.

IDAN MAI AIKI YA ƘI

Ba kowane mai gona ne zai saurara ba. Wani zai ce wanda bai yarda ba ya tafi. Mai aikin yini ba shi da takarda, ana iya cewa gobe kada ya zo. Shi ya sa ake tafiya mutum biyu ko uku, kuma ba a zagi, ba a barazanar barin aiki sai in da gaske akwai wani wurin zuwa. Magana zarar bunu ce.

Idan an yi magana sau biyu ba a dace ba, sai a nemi wanda mai gonar yake jin nauyinsa, kamar sarkin noma ko mai unguwa, a kai masa littafin. Masu aikin wata-wata kuwa, kamar a injin casar shinkafa ko makaranta mai zaman kanta, suna da ƙarin hanya. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa, har da yawan albashi, kafin ya wuce wata uku da fara aiki. Suna kuma iya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharsu.

Aikin gida na wannan wata shi ne, kowa ya ja layi uku a littafinsa, ya rubuta rana da yawan aiki da kuɗin da ya karɓa, har kwana shida. A zo da shi aji, za a yi lissafin tare.

Allah Ya sa albarka a cikin neman kowa.