Sharuɗɗan Bizar Ɗalibi a Birtaniya



Ɗalibin da ya sami bizar karatun digiri a Birtaniya, tun kafin murna ta lafa, wajibi ne ya zauna ya yi mata karatun tsanaki, gama izinin da aka ba shi alkawari ne mai sharuɗɗa, kuma jahilci ba ya zama uzuri a gaban hukuma.

An halatta masa aikin sa'a 20 a mako lokacin zangon karatu, makon kuwa daga Litinin yake farawa. Wanda ya yi sa'a 15 a gidan kula da tsofaffi, sannan ya ƙara 10 a kanti, ya ƙetare haddi da sa'a 5, ko da bai yi aikin kome ba a makon da ya gabata, domin ba a rance tsakanin makonni, kuma takardun albashi da na haraji su ne shaidun da za su tona shi. Sana'ar kai haramun ce gare shi baki ɗaya.

Amma lafazin "No public funds" da ke cikin sharuɗɗan bizar, ma'anarsa kada ya karɓi tallafin gwamnati, kamar kuɗin rainon yara ko gidan ƙaramar hukuma. Ganin likita da makarantar yara ba sa ciki, kuma abin takaici ne a ga uwa tana ɓoye ciwo saboda tsoron da ba shi da asali.

Wanda ya saɓa da gangan, dokar shige da fice ta 1971 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wata shida, bayan soke biza da wahalar samun wata. Mai ɗaukar aikin kuwa, tun 2024 tararsa tana iya kai fam 60,000 a kan kowane ma'aikaci.