Naira Miliyan 75 Ɗin Da Aka Nuna Mana: Jawabin Kwamitin Kuɗi a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

 

Mu uku kuka ɗora wa aiki a taron da ya wuce, kuka ce mu je mu dubo maganar kamfanin matse man gyaɗan nan da ya ce mu shigo mu sayi hannun jari. Kun san mu, ba 'yan boko ba ne. A ajin yaƙi da jahilci muka koyi haɗa baƙi, lissafi kuwa a bakin tire muka koye shi. Amma kuɗin da ake magana, Naira miliyan 1 da dubu 400, guminku ne na shekaru, shi ya sa muka ce ba za mu dawo muku da "an ce" ba. Mun karɓo takardar lissafin kamfanin ta ƙarshen shekara, mun zauna da malamar lissafinmu yamma uku, kuma abin da muka gano ke nan.

Takardar awo ce, kamar sikeli. Gefe ɗaya an jera duk abin da kamfani ya mallaka: fili, injin, buhunan gyaɗa, jarkokin mai, kuɗin banki, da bashin da yake bin mutane. Nasu ya kama Naira miliyan 120. Ɗaya gefen an jera bashin da ake bin sa, na banki da na dillalan gyaɗa, miliyan 45. In an cire 45 daga 120, saura miliyan 75. Wannan saura shi ne haƙƙin masu kamfani, wanda akantoci ke ce wa ikwiti. Da shi wakilinsu ya yi mana ado ranar da ya zo, ya ce kamfanin da masu shi ke da miliyan 75 ai ba ya kwana da yunwa. Gaskiya ne adadin yana nan a rubuce. Sai dai ba dunƙule yake ba, layi huɗu ne aka tara suka ba da shi, kuma kowane layi da halinsa.

Layi na farko shi ne jarin asali. Kowane hannun jari na kamfanin an rubuta masa daraja Naira 10, kuma hannu miliyan 2 suka fitar, ya zama miliyan 20. Wannan ba shi da wuyar ganewa.

Na biyu ne ya fara ɗaure mana kai. Mu dai ɗori muka sa masa, don haka yake. Da aka kafa kamfanin, hannu miliyan 1 da dubu 500 aka sayar a kan Naira 10 ɗin. Bayan ya kankama, sai aka fitar da sabbi dubu 500, aka ce duk mai so sai ya biya Naira 30. Cikin kowace 30 ɗin nan, 10 ta shiga jarin asali, 20 kuma aka ware ta a layinta daban. Naira 20 sau dubu 500, miliyan 10 ke nan. Da farko mun ce wannan ai cuta ce. Malama ta tambaye mu: in wata ta zo yau tana son shiga ƙungiyar nan, ta tarar mun sayi injin niƙa, mun tara asusu, za mu yarda ta zuba daidai abin da iyayenmu suka zuba ranar farko, sannan ta yi rabo daidai da su? Muka yi shiru. Ɗorin kuɗin tarar da abinci a dafe ne.

Abu biyu za mu riƙe game da shi. Ɗori ba riba ba ne, daga aljihun masu saye ya fito, kuma doka ba ta yarda a kwashe shi a raba wa masu hannun jari da sunan riba ba. Sannan sai kamfani da kansa ya fitar da sabon hannu ake samun sa. In wata a cikinmu ta sayar wa 'yar uwarta hannun da take da shi da tsada, cinikinsu ne su biyu, ko kwabo ba ya shiga takardar kamfani.

To jarin asali 20, ɗori 10, miliyan 30 ke nan da mutane suka ɗauko da hannunsu suka zuba. Don ku san ba ƙaramin bambanci ba ne: a watan Maris na 2024, da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari, ya ce masu hulɗa da ƙasashen waje su kai Naira biliyan 500, masu aiki a faɗin ƙasa biliyan 200, waɗannan layuka biyu kaɗai ya ce zai ƙirga. Ribar da suka tara bai sa ta a lissafi ba. Shi ya sa kuka ji bankuna suna ta tallar hannun jari a rediyo.

Layi na uku, ajiya. A nan giwar take kwance, miliyan 37, kusan rabin haƙƙin gaba ɗaya. Da muka ji kalmar ajiya, hankalinmu ya tafi ga irin tamu, kashi ɗaya cikin huɗu na rarar shekara da ƙa'idarmu ta ce a ware kafin a yi rabo. Akwai irin wannan a kamfanoni, bankuna ma doka ce ta tilasta musu ware wani kaso na ribarsu duk shekara. Wannan riba ce ta gaske da aka ci, aka ɗaure ta. Amma ta masu man gyaɗa wata iri ce. Da muka buɗe bayanan da ke bayan takardar, sai muka ga filin da masana'antar ke kai sun saye shi miliyan 8 tun da daɗewa. Bara suka kira mai kimanta kadara, ya ce yanzu ya kai miliyan 45. Sai aka ɗaga darajar filin a gefen dukiya da miliyan 37, aka rubuta miliyan 37 a gefen haƙƙi don sikeli ya daidaita.

Ba mu ce ƙarya suka yi ba. Kowa ya san yadda fili ya yi tsada, kuma ƙa'idar lissafi ta yarda da hakan. Amma ba a sayar da filin ba, ba wanda ya ƙirga musu ko sisi. Kamar Hajiya ce da ta sayi rumfa dubu 200, yau ana ce mata ta kai miliyan 2. Ta yi arziki a baki, amma ba za ta sari kaya da wannan ba sai ta sayar da rumfar, in ta sayar kuma ina za ta kasa kaya? Wannan ajiyar ba a raba ta. Gobe in wani mai kimantawa ya ce filin 35 ne, miliyan 10 ta tafi da alƙalami ɗaya.

Layi na huɗu shi ne wanda ya fi shafarmu, ribar da aka tara ba a raba ba. Tun ranar da aka buɗe kamfani, duk ribar da aka ci ana zuba ta nan, duk asara da duk rabon da aka yi ana cirewa daga nan. Daga wannan layin kaɗai rabonmu zai riƙa fitowa. Nasu miliyan 8 ne. Takardar tana nuna bara da bana gefe da gefe, sai muka ga bara miliyan 11 ne. Muka ce to ina 3 ta shiga, alhali sun ce sun ci riba? Ga yadda abin yake: sun shigo shekara da 11, suka ci ribar 3 bayan haraji, ya zama 14, suka raba wa masu hannun jari 6, saura 8.

Ku sake ji da kyau, 'yan uwa. Sun ci 3, sun raba 6. Naira 3 da wakilinsu ya ce ana ba kowane hannu a shekara gaskiya ce, amma Naira 1 da kwabo 50 kawai kowane hannu ya samo. Sauran rabin daga rumbun shekarun baya aka ɗebo. In aka ci gaba a haka, rumbun ba zai kai shekara uku ba.

Kuma kada mu ɗauka miliyan 8 ɗin tana nan a akwati. Mu ma mun san wannan a sana'armu: ka ci riba a littafi, amma ta koma buhun masara da bashin da maƙwabciya ba ta biya ba. Kuɗin da ke asusunsu na banki ranar rufe littafi bai wuce miliyan 2 ba. Layin yana faɗin inda dukiya ta samo asali ne, ba ya faɗin inda take zaune yanzu.

Wannan layin yana iya zubewa har ƙasa da sifili, ya cinye sauran. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba. MTN ta Najeriya, wadda layinta ke wayar yawancinmu, ta yi asarar kusan Naira biliyan 137 a 2023 saboda faɗuwar darajar Naira, alhali akwai abubuwan da dole ta biya da dala. Asarar ta share ribar da ta tara, haƙƙin masu kamfanin ya koma ƙasa da sifili, aka dakatar da rabon riba, duk da cewa mutane ba su daina sayen kati ba.

Yanzu mu dawo kan kuɗinmu. Naira 35 suka ce mu biya kowane hannu. Hujjarsu ita ce in an raba miliyan 75 ga hannu miliyan 2, kowane ya tashi Naira 37 da kwabo 50, wai har rangwame aka yi mana. Mu kuma muka cire miliyan 37 ta kimar fili, saura 38, kowane hannu ya tashi Naira 19. Gaskiyar tana tsakanin biyun, don filin yana nan kuma yana da daraja, amma wanda ya zo neman rabon shekara ba fili zai ci ba. Kuɗinmu zai sayi hannu dubu 40. Dubu 400 za ta shiga jarin asali, miliyan 1 cif ta shiga ɗori, kuma ba wadda za ta iya zuwa ta ce a maido mata kamar yadda muke cire ajiyarmu a nan. Sai dai mu nemi mai sayen hannun, kamfanin kuma ba ya kasuwar hannun jari. Abin da hannu dubu 40 ke samowa a ribar bana Naira dubu 60 ne. Kun fi mu sanin abin da miliyan 1 da dubu 400 ke kawowa in mun sayi gyaɗa da kaka mun ajiye zuwa bazara.

Shawarar kwamiti ita ce kada mu saya a kan 35. Ba mu ce a rufe ƙofa ba, mutanen sun karɓe mu da mutunci, ba su ɓoye mana takarda ba. Mun roƙe su abu uku: takardun shekara uku da suka wuce masu sa hannun mai binciken lissafi, don mu ga ko layin ribar ya daɗe yana sauka, rahoton wanda ya kimanta filin, da bayanin ko filin ne aka jinginar wa banki a cikin bashin miliyan 45. In jingina ce, banki ne zai fara ɗiba kafin kowane mai hannun jari. Sun ce za su kawo kafin taron wata mai zuwa, a nan za a kaɗa ƙuri'a. Kwafin takardar yana wurin ma'aji, mun ja layi da jan biro a ƙarƙashin layukan huɗu, duk mai so ta duba kafin ranar.